Yadda ake gano sitafilokokas mai bijire wa metisilin da faifan sefoksitin

Takardar sakamako takan ce MRSA, wato *Staphylococcus aureus* mai bijire wa metisilin, amma yau babu ɗakin gwajin kirki da yake ɗora faifan metisilin a kan faranti. An daɗe da daina amfani da maganin kansa, sunan ne kawai ya zauna. Abin da ake nema a zahiri shi ne wata ƙwayar gado guda ɗaya mai suna mecA, da furotin ɗin da take ƙerawa, PBP2a. Faifan sefoksitin mai ɗauke da maikirogiram 30, wanda ake buga FOX 30 a kansa, shi ne ma'auni mafi araha da yake nuna ko wannan ƙwayar gado tana nan. Gwajin ba shi da wuya, sai dai kusan duk kuskuren da ake yi a cikinsa gefe ɗaya yake karkata: ya sa ƙwaya mai bijirewa ta fito kamar mai jin magani. Shi ya sa kowane mataki a nan za a faɗi dalilinsa.

Yadda bijirewar take samuwa

Sitafilokokas yana kewaye da bango mai kauri, kuma wasu furotin da ake kira PBP su ne maginan da suke ɗaure tubalan bangon da juna. *S. aureus* yana da guda huɗu nasa na asali. Fenisilin da danginsa duka, wato kuloksasilin, amoksisilin, seftirayazon da sauran 'yan gidan beta-laktam, suna manne wa waɗannan magina ne su hana su aiki, bango ya yi rauni, ƙwayar ta fashe.

Bijirewa ta farko da aka gani tun a shekarun 1940 ba ta taɓa maginan ba. Ƙwayar ta samo wani enzayim ne, fenisilines, wanda yake tsinka maganin kafin ya isa wurin aikinsa. Don a kauce wa wannan enzayim aka ƙera metisilin, aka fara amfani da shi a Ingila wajen 1959. A 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton ƙwayoyin da ba sa jin sa. Waɗannan kam ba tsinka maganin suke yi ba. Sun samo maginin baƙo ne, PBP2a, wanda beta-laktam ba ya iya kama shi da kyau. Idan magani ya ɗaure huɗun nan na gida, sai shi ya ci gaba da ɗaure bango. Daga nan za a gane abin da ya sa ƙara kilabulanik asid, kamar yadda yake cikin Augmentin, ba ya amfanar komai a kan MRSA: shi enzayim yake toshewa, alhali nan matsalar ba ta enzayim ba ce.

Ita mecA ba sauyawar wata ƙwayar gado ta gida ba ce, daga waje ta shigo. Tana zaune cikin wani babban gutsuren gado mai iya ƙaura da ake kira SCCmec, wanda yake da enzayim nasa na yanke kansa da liƙa kansa a wuri guda takamaimai cikin gadon ƙwayar, gefen wata ƙwayar gado mai suna orfX. Shaidu sun nuna tushenta yana cikin dangin sitafilokokas na jikin dabbobi, irin su *sciuri* da *fleurettii*. Yawan shan magani ba ya ƙirƙirar mecA a jikin mara lafiya, amma yana kashe masu jin magani ya bar wa mai ɗauke da ita fili.

Abin da ya fi shafar mai gwaji shi ne mecA ba kullum take a kunne ba. Akwai furotin mai danne ta, MecI, da wani mai jin shigowar magani ya saki dannewar, MecR1, kuma masu tsaron fenisilines ma suna sa hannu a wannan aiki. Ban da haka, a cikin tsiro guda tsarkakakke wanda kowace ƙwaya a ciki tana da mecA, sau da yawa 'yan ƙalilan ne suke nuna bijirewa mai ƙarfi, wani lokaci ɗaya cikin dubu goma, wani lokaci ɗaya cikin miliyan ko ƙasa da haka. Waɗannan 'yan tsirarun sun fi bayyana idan akwai gishiri a abincinsu, idan zafi bai wuce digiri 35 ba, kuma idan an ba su isasshen lokaci. A jikin mara lafiya kuwa, da zarar an fara ba shi kuloksasilin, su ne za su rage su yawaita. Sefoksitin ya fi oksasilin, ɗan'uwan metisilin da ake gwaji da shi a da, iya tada mecA daga barci, kuma gefen da'irarsa, wato filin da ƙwayoyi ba su tsira ba a kewayen faifan, ya fi fitowa sarai, shi ya sa ya maye gurbinsa. Hukumar CLSI ta Amurka ta cire faifan oksasilin daga gwajin *S. aureus* gaba ɗaya.

Mataki na farko: a san wace ƙwaya ce

Adadin milimita da za a yanke hukunci da shi ya danganta da jinsin ƙwayar, don haka wanda bai tantance jinsi ba bai ma fara ba. A ɗauko koloni daga farantin jini mai awa 18 zuwa 24. A yi rinin Giram: ƙwayoyi masu shunayya, zagayayyu, a dunƙule. A yi katales da haidirojin feroksayid mai kashi 3 cikin ɗari, a kula kada a kwaso agar jini tare da kolonin, domin jajayen ƙwayoyin jini ma suna ta da kumfa. Sannan kowagules na kwalba: rabin mililita na filasmar zomo, a zuba koloni, a ajiye a digiri 35, a duba cikin awa huɗu. Idan bai daskare ba a bar shi a zafin ɗaki zuwa washegari. Kada a tsallake dubawar awa huɗun nan, saboda wasu ƙwayoyin suna daskarar da filasma sannan su narkar da ita da kansu, mai zuwa da safe ya tarar da ruwa ya rubuta cewa babu.

Rawayar da ake gani a agar manitol mai gishiri alama ce kawai, ba hujja ba, don akwai marasa kowagules da suke cin manitol. Kowagules na kan gilashi shi ma yana yaudara: *S. lugdunensis* da *S. schleiferi* suna iya dunƙulewa. Filasmar mutum da ake arowa daga ma'ajiyar jini kuma tana iya ɗauke da magani ko garkuwar da za ta hana daskarewa. In dole da ita za a yi aiki, a gwada kowace jaka da ƙwayar da aka san tana daskararwa da wadda aka san ba ta yi.

Mataki na biyu: faranti

Agar Mueller-Hinton ake amfani da ita zalla, ba jini, ba ƙarin gishiri. Yawancin kamfanoni suna cewa giram 38 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, amma a bi abin da ke jikin kwalbar. A dafa a otokilef a digiri 121 na minti 15, a bari ta huce zuwa digiri 45 zuwa 50, a zuba a kan tebur mai daidaito. Bayan ta daskare pH ya kasance tsakanin 7.2 da 7.4.

Kauri shi ne inda ake yawan zamewa. Milimita 4 ake so, wato kimanin mililita 25 a farantin milimita 90. Lita ɗaya ke nan faranti 40 take bayarwa. Inda ake tsimi ana fitar da 60 daga lita, agar ta koma ƙasa da milimita 3, maganin da ya kamata ya nutsa ƙasa sai ya bazu gefe, da'ira ta faɗaɗa, MRSA na bakin iyaka ya tsallake a matsayin mai jin magani. A auna abin da ake zubawa da silinda ko fifet, kada a dogara da ido. A kowane zubi a fasa faranti ɗaya a sa rula a ga kaurinsa. Kafin amfani fuskar agar ta zama ba ɗigon ruwa a kanta, amma ba ta bushe har ta yi tamoji ba. A lokacin hunturu faranti da aka bari a buɗe yana bushewa da sauri fiye da yadda ake zato.

Mataki na uku: ruwan ƙwayoyi

Ga sitafilokokas kai tsaye ake haɗawa, ba a renon sa a romo tukuna. A taɓa koloni uku zuwa biyar masu kama ɗaya, a narkar da su a ruwan gishiri mai kashi 0.85 cikin ɗari har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, wanda yake kimanin ƙwaya miliyan 150 a kowane mililita. Dalilin taɓa koloni da yawa shi ne abin da aka faɗa a sama: bijirewar ba ta bayyana daidai a ko'ina. A ɗauko su daga agar jini ko wata agar da ba ta tace komai, kada a ɗauko daga manitol mai gishiri.

Wanda ba shi da na'urar auna gurɓacewa yana iya haɗa ma'aunin da kansa:

```
0.5 mL  1.175% BaCl2·2H2O
99.5 mL 1% (v/v) H2SO4
A625 = 0.08 - 0.13
```

Layin ƙarshe shi ne yawan hasken da ma'aunin ya kamata ya tare idan an auna shi a na'ura a nanomita 625. A raba shi a kwalabe irin waɗanda za a haɗa ƙwayoyin a ciki, a toshe sosai, a ajiye a duhu, a sabunta bayan wata shida. Kafin kowane amfani a girgiza shi sosai, domin farin garin yana kwantawa a ƙasa, kuma ma'aunin da bai girgizu ba yana sa a haɗa ruwa tsararo. A jera kwalaben biyu gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, a duba ko layukan sun dushe daidai. Ruwan da ya yi tsararo shi ne mai haɗari. Ƙwayoyi kaɗan suna ba da da'ira mai faɗi, kuma 'yan tsirarun masu bijirewa ba za su ma samu shiga farantin da yawa ba.

Mataki na huɗu: shafawa da ɗora faifai

Akwai ƙa'idar minti 15 sau uku. A shafa ruwan a faranti cikin minti 15 da haɗa shi, a ɗora faifai cikin minti 15 da shafawa, a sa faranti a inkubeta cikin minti 15 da ɗora faifai. Idan aka yi jinkiri a na biyu, ƙwayoyi sun riga magani farawa, da'ira ta ƙanƙance. Idan aka yi jinkiri a na uku, musamman a ɗaki mai sanyin na'ura, magani ya riga ƙwayoyi bazuwa, da'ira ta faɗaɗa.

A tsoma tsinken auduga, a shafa fuskar faranti duka a layi-layi kusa da juna, a juya faranti kimanin digiri 60 a sake, a juya a sake karo na uku. Sitafilokokas ba ya malala kamar wasu ƙwayoyin hanji, inda aka bar gibi nan zai zauna gibi. A danna faifan ya kwanta sosai, kuma da zarar ya taɓa agar kada a matsar da shi, don maganin yana fara fita nan take. Tsakanin tsakiyar faifai da tsakiyar na kusa da shi kada ya gaza milimita 24, kuma faifai shida ne iyaka a farantin milimita 90. Zoben nan mai faifai takwas ko goma a haɗe da ake saya a kasuwa ba ya wannan aiki: da'irori suna shiga juna, kuma kuloksasilin ko ampikuloks da ke jikinsa ba su da wani adadin milimita da aka amince da shi na gano MRSA. A sayi sefoksitin ɗai-ɗai.

Faifan beta-laktam ba ya son laima. Ajiyar dogon lokaci a firiza take, a rufe da abin tsotse laima. Wanda ake aiki da shi ya zauna a firji, kuma bayan buɗewa kada ya wuce mako guda. A fito da kwalbar awa ɗaya zuwa biyu kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta a kan faifan masu sanyi. Lalataccen faifai kuskurensa ta ɗaya gefen yake: da'ira ta ƙanƙance, a riƙa samun MRSA na ƙarya, a sa mara lafiya kan bankomaisin mai tsada da wahalar da ƙoda ba gaira ba dalili. Idan kwatsam a mako guda duk *S. aureus* ɗin da ya shigo ya zama MRSA, a fara tuhumar faifai kafin a ce annoba ce.

Mataki na biyar: zafi da lokaci

CLSI ta ce digiri 33 zuwa 35, cikin iska ta yau da kullum ba tare da ƙarin kabon dayoksayid ba, awa 16 zuwa 18 ga *S. aureus*. Ta kuma yi gargaɗi cewa sama da 35 yana iya ɓoye bijirewar. Inkubeta da yawa a kan 37 aka saita su tun ranar da aka kawo su, saboda al'adar renon ƙwayoyi ke nan. A mayar da ta gwajin magani 35, ko ma 34 don a bar wa hawa da sauka wuri.

A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram akwai ƙarin matsala. Inkubeta ta gama-gari ɗumamawa kawai take yi, ba ta sanyayawa. A watan Afrilu da Mayu, idan ɗakin ya haura digiri 38 da rana, cikinta ma zai haura, komai lambar da aka saita. Maganinsa shi ne ta zauna a ɗaki mai na'urar sanyi, ko a samu inkubeta mai sanyayawa. A kowane hali a sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a cikinta, a karanta kowace safiya a rubuta. Shi ne zai tona abin da ya faru da dare lokacin da aka ɗauke wuta. Farantin da ya kwana a zafin da ba a yarda da shi ba maimaita shi ake yi. Kada a jibga faranti da yawa a kan juna, na tsakiya yana jinkirin ɗaukar zafi.

Mataki na shida: karatu

Kafin a ɗauki rula a dubi tsiron. Ya kamata ya rufe faranti ɗaya bai ɗaya. Idan ana ganin koloni ɗai-ɗai a warwatse, ruwan ya yi tsararo, a maimaita. Sannan a kifa faranti a kan baƙin abu, haske yana sauka daga sama, a auna faɗin da'irar daga gefe zuwa gefe ta tsakiyar faifai, har da faifan, zuwa milimita mafi kusa.

Ga *S. aureus*, milimita 22 zuwa sama yana jin magani, 21 zuwa ƙasa MRSA ne. Babu matsakaicin rukuni. A kan wannan adadi CLSI da takwararta ta Turai, EUCAST, sun yi daidai. Idan akwai koloni a cikin da'irar, kada a kawar da kai. A ɗauko su a sake renon su a tabbatar ba wata ƙwaya ce ta shiga ba. In *S. aureus* ɗin ne dai, filin da babu koloni ko ɗaya a ciki shi ake aunawa.

Marasa kowagules nasu daban ne, kuma a nan ne rashin tantance jinsi yake cizo. A tsarin CLSI, *S. epidermidis* da mafi yawan 'yan'uwansa suna buƙatar awa 24 cikakku, kuma sai da'ira ta kai 25 za a ce suna jin magani. *S. lugdunensis* kuwa, duk da ba shi da kowagules na kwalba, da adadin *S. aureus* ake karanta shi. *S. pseudintermedius* na jikin karnuka da *S. schleiferi* sefoksitin ba ya kama su da kyau, faifan oksasilin mai maikirogiram 1 ake sa musu, iyakarsa 18. Ke nan da'ira mai milimita 23 tana nufin mai jin magani idan *S. aureus* ne, tana nufin mai bijirewa idan *S. epidermidis* ne. Adadin EUCAST na waɗannan jinsuna ya bambanta da na CLSI, kuma dukansu suna sabunta jadawalinsu kowace shekara. A zaɓi tsari ɗaya a bi shi daga haɗa faranti har karatu, a liƙa jadawalin shekarar a bango.

Ƙwayoyin shaida, da misali guda

Ba a sanin gwaji yana tafiya daidai sai da ƙwayar da aka riga aka san amsarta. Biyu ake buƙata. ATCC 25923 ba shi da mecA, kuma da'irarsa da sefoksitin ya kamata ta faɗa tsakanin milimita 23 da 29. ATCC 43300 yana da mecA, tasa kada ta wuce 21. A gwada su da kowane sabon zubin agar da kowace sabuwar kwalbar faifai, da kuma a kai a kai tsakanin haka.

A ɗauka an kawo mugunya daga raunin tiyata wanda ya ƙi warkewa duk da seftirayazon. Washegari farantin jini ya ba da koloni masu ruwan zinariya, Giram da katales sun dace, filasma ta daskare cikin awa uku. An shafa, an ɗora FOX 30. Da safe da'ira ta ba da 23, da wasu ƙananan koloni biyu kusa da gefenta ta ciki. Ga mai gaggawa, 23 ta haura 22, an gama. To amma ma'aunin cikin inkubeta ya nuna ta taɓa 38. ATCC 25923 ya ba da 28, yana cikin iyaka ko da yake can sama. ATCC 43300 ya ba da 23, ya fita daga iyakarsa.

Abin lura a nan shi ne, da 25923 kaɗai aka sa, da an ce komai lafiya. Ba shi da mecA, don haka zafin da yake danne mecA ba zai nuna a jikinsa ba. Shaida mai ɗauke da ƙwayar gadon ce kawai za ta iya tona irin wannan ɓaraka. Tunda ta faɗi, duk sakamakon sefoksitin na wannan rana ya faɗi, ba na wannan mara lafiya kaɗai ba. Sai a sanar da likita cewa *S. aureus* ne kuma ana maimaita gwajin magani. A sake renon ƙananan kolonin nan biyu, a duba kaurin agar tunda 28 tana nuna alamar ta yi siriri, a maimaita a sabon faranti a digiri 35. A ce wannan karon 25923 ya ba da 26, 43300 ya ba da 17, ƙwayar mara lafiya ta ba da 18, ƙananan kolonin kuma sun tabbata *S. aureus* ne. MRSA ke nan, kuma ya yi daidai da abin da raunin yake nunawa tun farko.

Tabbatarwa, da inda hanyoyin suke saɓa wa juna

Da'irar da ta tsaya a 21 ko 22, ko sakamakon da ya ci karo da halin mara lafiya, ko ƙwayar da ta fito daga jini, duk sun cancanci gwaji na biyu idan da hali. Mafi sauri shi ne neman furotin PBP2a kansa, ta lateks mai dunƙulewa ko ta tsinke irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro, duka cikin ƙasa da rabin awa daga koloni. Ga marasa kowagules a ɗebo tsiron daga bakin da'irar sefoksitin, inda magani ya riga ya tada mecA, in ba haka ba furotin ɗin yana iya yin kaɗan gwajin ya ce babu. Akwai kuma tsohuwar hanyar agar oksasilin mai gishiri, ta *S. aureus* kaɗai: Mueller-Hinton mai gishiri kashi 4 cikin ɗari da oksasilin maikirogiram 6 a kowane mililita, a ɗiga ruwan McFarland 0.5, a jira awa 24 cif, a ɗaga faranti ga haske, fiye da koloni ɗaya ya isa a ce mai bijirewa ne. PCR na mecA, wato gwajin da yake neman ƙwayar gadon kanta, shi ne alƙali. Wasu harsasan na'urar GeneXpert, wadda cibiyoyi da yawa suke da ita saboda tarin fuka, an yi su ne don MRSA.

Wani lokaci amsoshin suna karo da juna, kuma yadda suka yi karon yana faɗin abin da ke ƙasa. Idan sefoksitin ya ce mai bijirewa, amma PCR na mecA ya ce babu, lateks ma ya ce babu, a tuna da mecC. An ba da rahotonta a 2011 daga madarar shanu da kuma mutane a Birtaniya da Denmak. Kamarta da mecA wajen kashi 70 cikin ɗari ne kawai, shi ya sa gwajin da aka ƙera don mecA yake wuce ta. Sau da yawa oksasilin yana nuna ta kamar mai jin magani, sefoksitin ne yake kama ta. MRSA ake rubuta ta.

Idan kuma akasin haka ne, oksasilin ya nuna bijirewa kaɗan a bakin iyaka, sefoksitin ya ce tana ji, kuma babu mecA ko mecC, galibi ƙwaya ce mai zubar da fenisilines fiye da kima, ko wadda PBP nata na gida suka ɗan sauya. Ana kiran na farkon BORSA. Faifan sefoksitin ba a yi shi don ganin waɗannan ba, wannan iyakarsa ce. Inda aka auna mafi ƙarancin oksasilin da yake hana tsiro aka samu maikirogiram 4 a mililita ko sama, CLSI ta ce a rubuta mai bijirewa ko da babu mecA. Akwai kuma *S. aureus* mai ƙananan koloni, wanda ake samu a tsohon ciwon ƙashi, da ba ya tsira sosai a Mueller-Hinton. Idan tsiro bai rufe faranti ba kada a auna komai, a tafi PBP2a ko PCR.

Rubuta sakamako

Sefoksitin wakili ne kawai, don haka ba a rubuta wa likita cewa ƙwaya tana jin sefoksitin ko ba ta ji, kada ya ɗauka shawarar magani ce. Oksasilin ake rubutawa, R ga mai bijirewa ko S ga mai jin magani, tare da MRSA ko MSSA, wato mai jin metisilin, a fili. Idan R ne, hukuncin ya hau kan fenisilin, amoksisilin da kilabulanik asid, kuloksasilin, fulukuloksasilin, ampikuloks, sefuroksim, seftirayazon, har da merofenem, ko da wani faifansu ya ba da da'ira mai faɗi a farantin. Wannan faɗin 'yan rinjayen da mecA ɗinsu ke barci ne suka ba da shi. Ko dai a rubuta su R, ko a cire su daga takardar. Seftarolin da seftobifurol ne kawai a gidan beta-laktam aka ƙera su kama PBP2a, kuma su gwajinsu daban ake yi. Bankomaisin kuma ba a gwada shi da faifai a kan sitafilokokas, sai ta auna mafi ƙarancin abin da yake hana tsiro, saboda faifai ba ya bambance mai ji da mai matsakaicin ji. MRSA daga jini, ruwan laka ko raunin tiyata ba ya jiran masinja: a kira likitan da ke kula da mara lafiyar da jami'in hana yaɗuwar cuta na asibitin a ranar, a rubuta sunan wanda ya karɓi saƙon da lokacin a littafin ɗakin gwaji, sannan a adana ƙwayar a firiza ko da za a buƙaci PCR daga baya.